Rodin da ka saya, a kan sikeli ake gane cikarsa

*"Assalamu alaikum Injiniya. Ina ginin bene hawa ɗaya, mun kai matakin dakin. Na sayo rodi mai 12 da mai 16, amma mai ɗaurin rodina ya ce mai 12 ɗin bai cika ba, dila kuma ya rantse cikakke ne. Ga shi an kawo su a lanƙwashe biyu, wasu duk sun karkace. Ni ban san komai a kan lambobin nan ba. Yaya zan gane gaskiya kafin a zuba kankare?"*

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a gama lafiya. Abu na farko, ka dakatar da zubin tukuna. Kwana biyu ko uku da za ka ɓata yanzu ba komai ba ne, domin da zarar kankare ya rufe rodi, babu sauran mai ganinsa, gyara kuma sai da fasawa. Gardamar da ke tsakanin mai ɗaurin rodinka da dila ba rantsuwa ce za ta raba ta ba. Sikeli da tef da zarto sun isa su raba ta cikin awa guda.

Lambar da ake kiran rodi da ita kaurinsa ce a milimita. Mai 12 yana nufin idan ka yanke shi ka auna bakin yankan daga gefe zuwa gefe, milimita 12 ne. Waɗanda aka fi samu a kasuwanninmu, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Dei-Dei ta Abuja, su ne 8, 10, 12, 16, 20 da 25. Tsofaffin magina har yanzu suna kiransu da inci: mai 12 shi ne rabin inci, mai 25 inci ɗaya. A takardar zanen gini za ka ga an rubuta Y12 ko T12, wani lokaci R10. Harafin Y da T na rodi mai zane a jiki ne, wanda ƙarfensa ke da ƙarfi sosai, R kuwa na mai santsi ne, wanda ƙarfinsa bai wuce kusan rabin na farko ba. A ƙaramin gida irin naka, yawanci mai 8 ko 10 ake naɗa ringi da shi, mai 12 ya shiga dakin da linta, mai 16 ya shiga fila da bim, mai 20 da 25 kuwa sai inda bim ya yi tsawo ko nauyi ya yi yawa. Wannan al'ada ce kawai na faɗa maka. Abin da za ka bi shi ne abin da injiniyan ginin ya rubuta a zane.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi ne tushen duk maganar nan. Ƙarfin rodi yana bin faɗin bakin yankansa ne, shi kuma faɗin yana ninkuwa fiye da yadda kaurin ke ƙaruwa. Faɗin bakin mai 10 murabba'in milimita 78 ne da ɗoriya, na mai 12 kuwa 113, na mai 16 kuma 201. Ka ga tsakanin 10 da 12 milimita biyu ne kacal a ido, amma wanda ya sa mai 10 a wurin mai 12 ya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfen da ake buƙata. Na sha jin magini yana cewa a haɗa mai 8 guda biyu su zama mai 16. Ba sa zama. Sai ka haɗa huɗu kafin su kamo mai 16 guda ɗaya. Saboda haka milimita ɗaya da aka rage a jikin mai 12, wadda ido ba ya ma kamawa sosai, tana tafiya da kusan kashi 16 cikin 100 na ƙarfen. Mai rage kauri ya san wannan lissafin, shi ya sa yake ragewa kaɗan-kaɗan.

Me ya sa sikeli ya fi ma'aunin kauri

Dila zai iya ɗauko ƙaramin ma'aunin nan mai baki kamar filaya ya matse rodin a gabanka, ya nuna maka 12 cif. Kada wannan ya gamsar da kai. Rodi mai zane ba da'ira ce sumul ba, yana da tudun zane da kwarin da ke tsakaninsu. Idan an matse a kan tudun, cikakken mai 12 yakan nuna 13 ko ma fiye, idan kuma an matse a kwarin, yakan nuna ƙasa da 12 kaɗan. Don haka rodin da ya nuna 12 daidai a kan tudun zanensa, a gaskiya bai kai 12 ba. Wannan ne ya sa ƙa'idojin ƙarfen gini suke auna kaurin rodi ta hanyar nauyinsa. Nauyin ƙarfe ba ya canzawa, kilo 7,850 ne a kowane dunƙulen ƙarfe mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya, ko wane kamfani ne ya narka shi. Daga nan aka samo lissafin da kowane mai harkar rodi ya kamata ya haddace:

```
kg/m = d × d ÷ 162
```

Harafin d shi ne kaurin a milimita. Ɗauki mai 12: 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 162, ya ba da kilo 0.888, wato giram 888 a kowace mita. Mai 16 ya ba da kilo 1.58. Mai 10 giram 617, mai 8 giram 395, mai 20 kilo 2.47. Tsawon sanda ɗaya a ƙa'ida mita 12 ne, don haka sandar mai 12 takan kai kilo 10.7, ta mai 16 kuma kilo 19 ba kaɗan. Daga nan ne adadin da ake ƙirga maka a tan ya fito: mai 12 sanda 93 ko 94, mai 16 sanda 52 ko 53, mai 10 wajen 135, mai 20 kuma 33 ko 34.

A nan matsalar take. A yawancin shaguna ba a ɗora maka tan a kan sikeli, ƙirga sanda ake yi. Ka biya kuɗin tan ɗaya, a ƙirga maka 94, ka tafi. Idan kowace sanda ta rame, adadin ya cika amma nauyin bai cika ba. Akwai kuma ɗaya fuskar: idan wani ya ce maka a wurinsa tan ɗin mai 12 sanda 105 ne ko 110, kada ka ɗauka araha ka samu. Da bakinsa ya gaya maka cewa rodinsa siriri ne ko gajere.

Ga yadda za ka yi. Ka zaɓi sanda uku da hannunka daga wurare daban-daban na tarin, har da tsakiyar ɗauri, kada ka bari a zaɓa maka. A yanko mita ɗaya cif daga kowace, kuma a ɗan bar bakin sandar, domin baki yakan matse wurin yanka a masana'anta. Ka kai su kan sikelin dijital mai nuna giram, irin na masu sayar da kaji ko hatsi. Kafin ka yarda da sikelin, ɗora masa ruwa lita ɗaya a leda ko a gorar da ka san nauyinta, ya kamata ya nuna kilo ɗaya bayan an cire nauyin gorar. Injin murza ƙarfe ba ya fitar da kowace sanda daidai wa daida, don haka ƙa'idar Birtaniya ta BS 4449, wadda injiniyoyinmu da yawa ke zane da ita, ta yarda da ragi ko ƙari na kashi 4.5 cikin 100 ga rodin da ya wuce milimita 8. Ma'ana mitar mai 12 kada ta gaza giram 848, ta mai 16 kada ta gaza kilo 1.51, ta mai 10 kuma giram 589. Abin da ya faɗi ƙasa da haka bai cika ba, ko me aka rubuta a jikinsa. Sannan ka shimfiɗa tef a kan sanda biyar ko shida ka ga ko sun kai mita 12, domin ragin tsawo shi ne hanya ta biyu ta cin kuɗin mai saye.

Bari in ba ka misalin da ya faru a hannuna. Wani bawan Allah ya kira ni in duba masa ɗaurin dakin kafin zubi. Zanen ya ce a jera mai 12 da tazarar milimita 200, wato sanda biyar a kowace mita, kuma mai ɗauri ya bi tazarar daidai, aikinsa tsaf. Amma da na kama sanda ɗaya na ɗaga, hannuna ya ji ta yi sauƙi. Muka yanko mita uku daga ragowar. Ta farko giram 750, ta biyu 770, ta uku 760. Idan ka juya lissafin nan baya, ka ninka 0.76 da 162, za ka samu 123, lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 123 kuwa ita ce 11.1. Ashe rodin mai 11 ne aka kira shi mai 12. Muka auna tsawo, mita 11 da rabi. Kowace sanda ke nan kilo 8.74 maimakon 10.7, sanda 94 kuma kilo 822. A kowane tan da ya biya, kilo 178 bai zo gidansa ba.

Asarar kuɗin ba ita ta fi damuna ba. Injiniyan da ya yi zanen ya lissafa cewa kowace mitar dakin za ta samu ƙarfe mai faɗin murabba'in milimita 565, sanda biyar sau 113. Da wannan rodin, abin da ke wurin 484 ne kawai. Mun kai samfuri ɗakin gwaji, aka tabbatar ƙarfen kansa mai kyau ne, ramewa ce kawai matsalarsa. Sai wanda ya yi zanen ya amince a kwance a sake jerawa da tazarar milimita 150, wadda ta mayar da ƙarfen sama da abin da ake buƙata. Mai gida ya sayi ƙarin rodi, ya biya kuɗin ɗauri sau biyu, amma dakin ɗin ya samu haƙƙinsa. Ka lura da sharuɗɗa biyun: an gwada ƙarfen, kuma mai zanen ne ya canza tazarar. A fila abin ya fi wuya, domin sanda huɗu ce a kusurwa huɗu, ƙara ta biyar da ta shida yana canza tsarin ringi da wurin da tsakuwa za ta bi ta sauka. Mai 16 da bai cika ba, shawarata a mayar da shi.

Ingancin ƙarfen kansa

Cikar nauyi rabin amsa ce. Rodi zai iya cika giram 888 amma ƙarfensa ya zama mara kyau. Yawancin rodin da ake yi a Najeriya daga tsofaffin ƙarafa ake narka shi, kayan da 'yan gwangwan ke tarawa ana lodawa a tirela. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, ƙasashe da yawa haka suke yi. Aibin yana zuwa ne idan masana'anta ba ta tace narkakken ƙarfen ta daidaita sinadaransa ba. Idan sinadarin kabon ya yi yawa, rodin yakan yi tauri amma ya zama mai gautsi, ya karye farat ɗaya ba gargaɗi. Idan kuma ya yi laushi da yawa, yakan miƙe tun kafin ya ɗauki nauyin da aka lissafa masa. Rodi mai kyau yana haɗa biyun: ya jure ja mai yawa, in kuma an fi ƙarfinsa ya miƙe a hankali kafin ya tsinke. Wannan miƙewar ce ke sa gini ya tsage ya lotsa, mutane su gani su fita, maimakon ya rufto a lokaci guda.

Fara da duba jikin sandar. Masana'antar da ta yarda da kayanta takan buga sunanta ko tambarinta da lambar kauri a jikin rodin, yana maimaituwa a kan tsawonsa. Sabon ɗauri kuma yakan zo da ɗan allo a rataye mai ɗauke da kauri da daraja da lambar narki, babban dila kuma yana iya nuna maka takardar gwajin masana'anta. Ka duba lambar narkin da ke takardar ta yi daidai da ta allon, in ba haka ba takardar wani kaya ce daban. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya a Najeriya, ma'auninta na rodi shi ne NIS 117. Tambari ba hujja ce ta ƙarshe ba, na ga rodi mai suna a jiki da ya faɗi a sikeli. Amma wanda ba shi da suna ko kaɗan, in ya ba da matsala ba ka da wanda za ka kama, ni ba na sa shi a fila ko bim. Ka kuma bi jikin da ido da hannu: zanen ya fito sosai, tazararsa ɗaya, babu tsaga a tsaye, babu ɓawon ƙarfe da ya naɗe a kan ɗan'uwansa. Zanen nan ba ado ba ne, shi ne haƙoran da rodi ke riƙe kankare da su.

Sai gwajin lanƙwasa, wanda mai ɗaurin rodinka zai yi maka a kan bencinsa. A lanƙwasa guntun sanda a jikin wani ƙarfe mai kaurin da ya ninka na rodin sau huɗu. Ga mai 12 wajen milimita 48 ke nan, bututun inci biyu ya yi kusa, ga mai 16 kuma milimita 64. Mai 20 zuwa sama ana ba shi ninki bakwai. A lanƙwasa shi a sanyi, a hankali, har ya yi kusurwa kamar ta bango, sannan ka duba bayan gwiwar a cikin haske. Mai kyau zai fito sumul. Idan ka ga ƙananan tsagogi a gindin zane, ko ya yi ƙara ya karye, wannan kayan ba na gini ba ne. Ka ɗan mayar da shi baya kaɗan ka sake dubawa, domin wani gautsin sai a dawowa yake bayyana. Girman abin da aka lanƙwasa a kai yana da muhimmanci: idan aka matse rodi a jikin siririn ƙarfe aka yi masa gwiwa mai kaifi, ko mai kyau ne zai iya tsagewa, sai a zalunci dila a banza. Ka kuma tambayi mai ɗaurin abin da hannunsa ya ji. Waɗanda suka daɗe a sana'ar suna gane rodin da ya lanƙwasu da sauƙi fiye da kima, kuma maganarsu abar saurare ce.

Iyakar wannan gwajin ita ce yana kama mai gautsi, amma mai laushi yakan wuce shi lafiya lau. Laushi sai injin ja. Sashen injiniyan gine-gine na manyan jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu, suna da injin da ke kama guntun rodi ya ja shi har ya tsinke. Ga ginin bene, ni ina ganin kai samfuri uku na kowane kauri wajibi ne, kuɗinsa kuma ƙanƙani ne a kan kuɗin dakin ɗaya. Lambar da za ka nema a sakamakon ita ce inda ƙarfen ya fara sakin jiki. Zanen gininka zai nuna abin da aka lissafa da shi, sau da yawa 460 ko 500, wasu injiniyoyin kuma sukan sauko zuwa 410 saboda sanin halin kasuwa. A 460, cikakken mai 12 yana riƙe jan da ya kai nauyin tan biyar da ɗoriya kafin ya fara miƙewa. Ka ce musu su raba ƙarfin jan da faɗin da sunan rodin ya nuna, wato 113 ga mai 12. Idan suka raba da faɗin ramammen rodin, sakamakon zai yi kyau a takarda alhali sandar ba ta ɗaukar abin da ake jira daga gare ta.

Game da kalmar TMT da dillalai ke yawan faɗa: hanyar sarrafawa ce, ana fesa wa rodin ruwa yana fitowa da zafi, bayansa ya yi tauri, cikinsa ya zauna da laushi. Hanya ce mai kyau in an yi ta daidai, amma sunan kaɗai ba ya cika nauyi, ba ya kuma maye gurbin gwaji.

Tsatsa kuma ba duka ce abar tsoro ba. Ja-ja ɗin nan da ke fita idan ka goga da buroshin waya ko tsumman buhu ba ta da illa. Wadda ake gudu ita ce mai ɓarewa kamar ɓawon itace, wadda ke barin ramuka ta cinye zane. Irin wannan a kankare ta sosai sannan a auna nauyi. Ka yi hattara da rodin da aka shafa wa baƙin mai don ya yi kama da sabo, domin mai yana hana kankare kama ƙarfe. Haka nan rodin da aka ciro daga rusasshen gini aka miƙar da guduma: za ka gan shi da ragowar siminti a kwarin zane, tudun zanen a daddake, tsawonsa kuma ba ɗaya ba.

Lanƙwasa da karkata

Rodi a miƙe yake fitowa daga masana'anta. Ana naɗe shi biyu ne don ya shiga ƙaramar mota ko a-kori-kura, tun da mita 12 sai doguwar mota. Wannan gwiwar ta tsakiya ƙarfenta ya riga ya wahala sau ɗaya, idan aka miƙar da ita ya wahala sau biyu, kuma ba ta taɓa komawa daidai. Ga mai 8 da mai 10 da za a yayyanka a yi ringi, abin da sauƙi. Ga mai 12, idan naɗin mai faɗi ne ba mai kaifi ba, ana iya miƙar da shi a hankali a kan benci, a duba babu tsaga, a kuma tsara yanka yadda gwiwar ba za ta faɗo a tsakiyar ɗaki ba, inda ƙasan dakin ya fi shan ja. Ga mai 16 zuwa sama, ni yanke gwiwar nake sa a yi a fitar da ita. Kuma ko da wasa kada a gasa rodi da wuta don ya miƙu. Zafi yana warware taurin nan na bayan TMT, wurin ya koma laushi, ido kuma ba zai nuna maka ba.

Ka duba yadda abin ke faɗawa a fila. Hawa ɗaya wajen mita 3 ne, a ƙara tsawon haɗi da rodin sama, wanda ga mai 16 yakan kai santimita 65 zuwa 80, sai kowane guntu ya tashi kusan mita 4. Sanda ɗaya ta ba da uku ke nan. Gwiwar naɗi tana kan mita ta 6, wato daidai tsakiyar guntu na biyu, tsakiyar filar. Rodin fila danniya yake ɗauka daga sama, sandar da ke da ɗan doro kuwa idan aka danne ta, ta wajen doron take ƙoƙarin turowa ta fasa kankaren da ya rufe ta. Shi ya sa a saye na gaba, ka sa mai ɗauri ya ba ka jerin tsawon da yake buƙata tun kafin ka je kasuwa, a auna a yanka a can, a ɗauko su a miƙe.

Karkatar da ke bin tsawon sanda kamar tafiyar maciji ana gane ta da igiya. Ka kwantar da sandar a kan daɓe marar tudu da kwari, ka ja igiyar magina daga baki zuwa baki, ka duba ratar da ke tsakani. Ko ka mirgina ta da ƙafa: miƙaƙƙiya tana birgima lami lafiya, karkatacciya tana tsalle. Doguwar lanƙwasa mai laushi wadda ke kwanciya da kanta idan an ɗaure ba matsala ba ce. A aikina, idan rata ta wuce rabin santimita a cikin mita ɗaya, ina sa a gyara da makullin lanƙwasa a hankali. Idan kuwa karyewar gwiwa ce mai kaifi a wuri ɗaya, irin wadda ke faruwa in an wurgo rodi daga mota ko taya ta taka shi, a yanke wurin.

Dalilin wannan tsanani shi ne wurin zaman rodi a cikin kankare an lissafa shi da milimita. Ɗauki dakin mai kaurin milimita 150. Rodin ƙasa yana zama a kan 'yan biskit ɗin siminti masu kaurin 25, don haka daga saman dakin zuwa tsakiyar rodin wajen 119 ne, kuma da wannan zurfin yake aiki. Idan sanda ta yi doro ta tashi sama da milimita 20, a wurin ta rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na amfaninta. Idan ta lotsa ƙasa ta taɓa katako, babu kankaren da zai rufe ta, damina kaɗan za ka ga jan layi a silin, tsatsa ta kumbura ta ɓantaro filasta.

Abin da ban gani ba shi ne zanen gininka da rodin da ke ƙasa a wurinka, don haka hukuncin ko za a yi amfani da shi yana hannun injiniyan da ya yi lissafin ginin. Ka kai masa nauyin da ka samu da sakamakon gwaji a rubuce. Idan filolin ƙasa an riga an zuba su da rodi daga wannan dilan, ka gaya masa wannan ma, ya auna ƙarshen rodin da ya leƙo sama ya sake lissafi kafin a ɗora musu dakin. Wurin dila kuma, ka je da guntayen nan uku da rasit, a auna a gabansa a kan sikelin da ku biyu kuka yarda da shi. Sau da yawa shi ma yadda aka kawo masa ya sayar, kuma in ya ga lamba da idonsa magana takan yi sauƙi. Kafin a gama wannan, a ɗaga rodin daga ƙasa a ɗora shi a kan katako ko bulo, a jera matashin kusa-kusa don kada ya lotsa a tsakani, a ware kowane kauri daban, a rufe saman da leda a bar gefe iska tana shiga.